Tsada ba uzuri ba ce: darasin gyaɗar Sudan ga masu wasiƙar "abin ya fi ƙarfinmu"

Akwai wata wasiƙa da ta zama ruwan dare a ofisoshi tun daga shekarar annobar korona. Ɗan kwangila ko dillalin kaya ne ke aiko ta, galibi bayan an biya shi kuɗin somin-taɓi kuma ranar cika alkawari ta matso. Tana farawa da ladabi, ta ambaci halin da ƙasa ke ciki, ta kawo tashin dala da tsadar man fetur, sannan ta dire a kan kalmar Faransanci da lauyoyi suka ara, wato fos majo, wadda ma'anarta ita ce ƙarfin da ya rinjayi mutum. Daga nan sai mai wasiƙar ya sanar cewa ba zai iya kawo kayan ba, ko kuma zai kawo idan an ƙara masa kuɗi. Wanda aka aiko wa, da yake shi ma yana cikin ƙasar yana ganin tsadar, sau da yawa sai ya haɗiye, ya ɗauka doka ce ta yi magana.

A mafi yawan lokuta doka ba ta ce haka ba. Dokar kwangila da kotunan Najeriya ke aiki da ita, wadda tushenta daga Ingila yake, tana yafe wa mutum alkawari idan cika shi ya gagara, ko ya zama haramun a doka, ko ya rikiɗe ya zama wani aiki dabam da wanda aka ƙulla. Ba ta yafe masa don ribarsa ta ragu, ko don cinikin ya juye masa ya zama asara. Mai rubuta irin wannan wasiƙa saboda tsada kaɗai yana neman ɗora wa abokin cinikinsa nauyin da shi ya ɗauka da hannunsa ranar da ya sa hannu, kuma dokar da ta ƙi ba shi wannan dama ta yi daidai.

Ƙofofi biyu, kowace da mabuɗinta

Wanda ke son fita daga kwangila saboda wani abin da ba a zata ba yana da ƙofofi biyu, kuma ana yawan cakuɗa su. Ta farko ita ce sharaɗin fin ƙarfi, wanda ɓangarorin biyu suke rubutawa da kansu a cikin takardar yarjejeniya. A tsarin Ingila da na Najeriya wannan sharaɗi ba ya faɗowa daga sama. Idan ba a rubuta shi ba, babu shi, komai yawan ambaton sunansa a wasiƙa. Idan an rubuta shi, iyakarsa ita ce iyakar kalmominsa, kuma wanda ke son fakewa da shi ne zai tabbatar wa kotu cewa halin da ya shiga yana ciki. A Faransa da ƙasashen da suka gaji kundin dokokinta, irin su Nijar, abin ya bambanta, domin a can kundin ne da kansa ya tanadi uzurin.

Ƙofa ta biyu ita ce ƙa'idar rushewar kwangila, wadda alƙalai suka gina. A da can babu ita. A shari'ar Paradine da Jane ta 1647, sojoji sun kori wani ɗan haya daga filin da ya kama lokacin yaƙin basasar Ingila, amma kotu ta ce sai ya biya kuɗin haya, tun da ya yi alkawari bai gindaya sharaɗi ba. Sai a 1863, a shari'ar Taylor da Caldwell, aka sassauta. An kama hayar wani zauren kiɗa a Landan na kwana huɗu, gobara ta cinye shi kafin ranar farko ba da laifin kowa ba, alƙali Blackburn ya yanke cewa alkawarin ya faɗi tare da zauren, babu wanda zai biya wani diyya. Abin lura shi ne zauren ya ƙone ƙurmus, babu abin da za a miƙa ko da an so. Daga wannan tushe ƙa'idar ta girma, kuma alƙalai sun yi ta tsare ƙofarta kada ta yi faɗi.

Tan 300 na gyaɗa

Shari'ar da ta fi nuna inda iyakar take ta taso ne daga cinikin gyaɗa. Ranar 4 ga Oktoban 1956, kamfanin Tsakiroglou ya sayar wa kamfanin Noblee Thorl na Jamus tan 300 na gyaɗar Sudan a kan fam 50 kowane tan, jimilla fam 15,000. Za a yi lodi a Port Sudan cikin Nuwamba ko Disamba, a kai Hamburg. Cinikin irin wanda farashinsa ya haɗa kuɗin kaya da inshora da kuɗin jirgi ne, wato mai sayarwa ne zai nemi jirgi ya biya daga aljihunsa. Kowa cikinsu ya ɗauka jirgin zai bi mashigin Suwez, domin ita ce hanyar da aka saba, amma babu inda takardar ta ambaci hanya.

Wata biyu da 'yan kwanaki kafin wannan ciniki shugaban Masar, Jamal Abdul Nasir, ya ƙwace mashigin ya mai da shi mallakar ƙasa. A ƙarshen Oktoba Isra'ila ta kai hari, Birtaniya da Faransa suka biyo baya, kuma daga 2 ga Nuwamba mashigin ya rufe, bai sake buɗewa ba sai cikin 1957. Hanyar da ta rage ita ce a zagaye nahiyar Afirka ta ƙuryar kudu. Tafiyar da take mil 4,386 ta koma mil 11,137. Kuɗin jirgi da yake fam 7 da sule 10 a kan tan ya hau har ya kai fam 15. Mai sayarwa ya ƙi yin lodi, ya ce kwangila ta rushe.

A ido hujjarsa tana da ƙarfi. Yaƙi ne na gaske, ba shi ya haddasa ba, tafiya ta ninka fiye da sau biyu, kuɗin dako ya ninka. Bugu da ƙari, takardar tana ɗauke da sharaɗin fin ƙarfi, wanda ya tanadi cewa idan yaƙi ko toshe hanya ko makamantansu suka hana yin lodi a kan lokaci, za a ƙara wa'adin da bai wuce wata biyu ba, in matsalar ta ci gaba a soke cinikin. Duk da haka ya faɗi a gaban masu sasanci, ya faɗi a kotuna, ya kuma faɗi a 1961 a gaban kotun ƙolin Birtaniya ta wancan zamani, wato alƙalan Majalisar Dattawa.

Dalilan alƙalan sun cancanci a bi su ɗaya bayan ɗaya. Game da sharaɗin fin ƙarfi, kalmar da aka rubuta ita ce hana lodi, lodi kuwa shi ne ɗora kaya a jirgi a Port Sudan, kuma babu abin da ya hana hakan. Tashar tana aiki, gyaɗar tana nan, ana iya samun jirgi. Game da rushewar kwangila, sun tambayi abin da mai sayarwa ya yi alkawari. Ya yi alkawarin ɗora kaya a jirgin da zai kai Hamburg ta hanyar da hankali zai ɗauka a lokacin lodin, kuma in hanyar da aka saba ta toshe, wadda ta rage ita ce hanyar. Ba a tsayar da ranar isar kaya ba, ranar lodi kawai aka tsayar. Gyaɗa kuma ba kayan gwari ba ce, za ta jure doguwar tafiya. Saboda haka aikin yana nan yadda yake, kuɗinsa ne ya ƙaru, ƙarin kuɗin jirgi kuwa nauyi ne da irin wannan ciniki ya ɗora a kan mai sayarwa tun farko.

Lissafin ya fi kowace huɗuba bayani. Da ya yi lodi a mafi tsadar farashi, ƙarin da zai biya shi ne fam 7 da sule 10 sau 300, wato fam 2,250. Da ya ƙi, aka ci shi diyyar fam 5,625, wadda ita ce tazarar da ke tsakanin fam 50 na yarjejeniya da fam 68 da sule 15 da tan na gyaɗar ya kai a kasuwa. Ya biya ninki biyu da rabi na abin da ya guje wa, ban da kuɗin lauyoyi na shekara huɗu. Wannan adadi na biyu yana tona wani abu da masu wasiƙar fin ƙarfi ba sa so a ambata: rikicin da ya tsadantar da dako shi ne kuma ya ɗaga darajar kayan da ke hannun mai sayarwa. Duk wanda aka sake shi daga tsohon farashi zai juya ya sayar a sabo, mai saye ya koma kasuwa ya sayi abu ɗaya da tsada.

Hukuncin yana da iyaka, kuma alƙalan sun nuna ta. Da kayan masu saurin lalacewa ne, ko da an tsayar da ranar isa wadda doguwar hanya ba za ta cimma ba, da sakamakon yana iya sauyawa. Ma'aunin shi ne ko abin da ya faru ya mai da aikin wani abu dabam tun daga tushe. Wannan ma'auni ya fito ne daga shari'ar Davis Contractors da hukumar garin Fareham a 1956, inda magina suka karɓi aikin gidaje 78 da za a gama cikin wata 8, ƙarancin ma'aikata ya ja aikin zuwa wata 22, suka yi asara, kotu ta ce gidajen da suka gina su ne waɗanda suka yi alkawari, don haka farashin yana nan. Kotun Ƙolin Najeriya ta bi wannan layi a shari'ar Nwaolisah da Nwabufoh a 2011, inda ta tabbatar cewa kwangila ba ta rushewa don kawai cika ta ya ƙara wuya ko tsada fiye da yadda aka zata.

Faɗuwar naira da rufe iyaka

Shekarar 2023 ta kawo abubuwa biyu da suka dace a gwada wannan ma'auni a kansu. A watan Yuni Babban Bankin Najeriya ya saki naira, dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta yi ta hawa har ta haura 1,400 a farkon 2024. A ƙarshen Yuli kuma, bayan juyin mulkin Nijar, ƙungiyar ECOWAS ta sanya takunkumi, Najeriya ta rufe iyakarta da Nijar.

A ɗauka wani ɗan kasuwa a Kano ya ƙulla yarjejeniyoyi biyu a watan Mayu na wannan shekara, duka a ƙarƙashin dokar Najeriya. A ta farko zai kawo wa wani asibiti na'urorin da yake sayowa daga waje da dala, a kan tsayayyen farashi na naira. A ta biyu zai kai kaya Maraɗi a cikin Satumba, don wani taro mai tsayayyar rana. Ta farkon ce za ta fi yi masa ciwo, domin kowace na'ura yanzu ta fi kuɗin da za a biya shi. Amma na'urorin suna nan a kasuwa, shigo da su halal ne, asibitin yana jira. Matsayinsa ɗaya da na mai gyaɗa. A ta biyun kuwa hukuma ce ta haramta tsallaka iyakar, kuma doka ba ta tilasta wa mutum ya karya doka don ya cika alkawari. Nan yana da hujja ta gaske, muddin babu wata halaltacciyar hanya da za ta kai kayan kafin ranar, kuma muddin ya sa hannu kafin a rufe iyakar. In bayan rufewar ya ƙulla, hujjar ta tafi, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wannan misali ya nuna cewa girman asara ba shi ne ma'auni ba. Kwangilar da ta fi jawo masa asara tana nan daram, wadda ta fi sauƙi ita ce ta faɗi.

Ashe wannan ba rashin tausayi ba ne?

Masu sukar wannan tsauri suna da magana da ta cancanci amsa. Suna cewa babu ɗan kasuwar da ya hango dala za ta ninka sau uku cikin wata takwas, kuma tilasta masa tsohon farashi yana iya durƙusar da shi, ma'aikatansa su rasa abinci, aikin ma ya tsaya. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Suna kuma iya nuni da Faransa, wadda a gyaran dokarta na 2016 ta ba wanda tsadar da ba a zata ba ta yi wa katutu damar neman a sake zama a kan sharuɗɗan, har alƙali ya iya gyara kwangilar ko ya kawo ƙarshenta.

Amsa ta farko ita ce asarar ba ta ɓacewa don an yafe wa ɗan kwangila. Wuri kawai take sauyawa. Asibitin da ya tsara kasafinsa a kan farashin da aka ba shi ne zai ɗauka, daga shi kuma ta gangara kan majinyata. Tausayin da ake nema wa ɓangare ɗaya, ɗaya ɓangaren ne zai biya kuɗinsa, shi kuwa ba a tambaye shi ba.

Amsa ta biyu ita ce tsayayyen farashi sayayya ce ta kwanciyar hankali. Mai saye ya amince ya biya adadi kaza ko da kasuwa ta sauka, mai sayarwa ya amince ya karɓi adadin ko da ta hau, kuma kowane ɗan kasuwa mai hankali yana cusa ladan wannan kasada a cikin farashinsa. Da naira ce ta yi ƙarfi ribarsa ta ninka, babu wasiƙar da zai rubuta yana neman a rage masa kuɗi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Sannan a ƙasar da darajar kuɗinta ta faɗi warwas a 2016, ta sake zamewa a 2020, da wuya a ce faɗuwar naira abu ne da ba ya zuwa a zuciyar mai shigo da kaya.

Amsa ta uku ita ce maganin yana nan, kuma mai arha ne. Ana iya rubuta sharaɗin sauyin farashi, a ce idan dala ko siminti ko man dizal ya haura wani kaso za a sake lissafi da wata ƙa'ida da aka amince da ita. Manyan kwangilolin gini sun daɗe suna ɗauke da irin wannan. Wanda ya bar shi don farashinsa ya fito ƙasa da na abokan takararsa ya ci kwangilar ne da wannan rangwamen. In aka bar shi ya dawo daga baya ya karɓi ƙari da sunan fin ƙarfi, an zalunci mai saye, an kuma zalunci ɗan kwangilar da ya yi lissafin gaskiya aka ƙi shi don ya yi tsada. Ko a Faransar ma, wanda ke neman a sake zama wajibi ne ya ci gaba da cika alkawari yayin da ake tattaunawa, kuma ba ya samun damar in ya riga ya amince da ɗaukar kasadar.

Babu abin da ya hana mai saye ya sassauta don kansa. Sau da yawa hikima ce ya ƙara wani abu don aikin ya kammala, maimakon ya yi shekaru a kotu yana bin kamfanin da ya talauce. Amma wannan alfarma ce da ake roƙo, a kawo littattafan lissafi a buɗe a raba asarar. Kuskuren shi ne a sa wa roƙo rigar doka a aiko shi kamar umarni.

Yadda ake karanta wasiƙar

Wanda irin wannan wasiƙa ta iso teburinsa ya fara da buɗe takardar yarjejeniyar ya nemi sharaɗin. In ya same shi, ya duba ko abin da aka ambata yana cikin jerin abubuwan da aka lissafa, domin kotu takan fassara jimlar ƙarshe mai cewa "da makamantansu" daidai da irin abubuwan da suka gabace ta, kuma tsadar kasuwa ba ta kama da ambaliya ko yaƙi. Sai ya duba aikatau ɗin da aka yi amfani da shi. Sharaɗin da ya ce abin ya hana aiki ya fi wanda ya ce ya kawo cikas ko jinkiri tsauri nesa ba kusa ba, kuma a kan wannan kalma ɗaya mai gyaɗa ya faɗi.

Bayan haka sai tambayar sanadi. Ɗan kwangilar da ya riga ya makara wata uku kafin a kafa dokar kulle ta korona ba zai ɗora makararsa a kan kullen ba, haka wanda ya karkatar da kayan ga wani mai saye da ya fi biya ba zai ce ƙaddara ce ba, domin zaɓinsa ne. Sai kuma sanarwa: yawancin sharuɗɗan suna ba da 'yan kwanaki da za a sanar a rubuce, wanda ya yi shiru har aka neme shi yana iya rasa kariyar. A tambaye shi kuma abin da ya yi don rage ɓarnar, wace hanya ya gwada, wane dillali ya tuntuɓa.

Abu na ƙarshe shi ne sakamakon. Ko da uzurin ya tabbata, abin da sharaɗin fin ƙarfi yakan bayar shi ne ƙarin lokaci, sannan damar sokewa in matsalar ta wuce wa'adin da aka tsayar, kamar wata biyun da ke takardar gyaɗar. Da wuya ya ba da ƙarin kuɗi. Rushewar kwangila kuwa tana kashe yarjejeniyar ne gaba ɗaya daga ranar da abin ya faru, ba ta sake mata farashi, kuma kuɗin da aka biya a kan aikin da ba a yi komai a cikinsa ba ana iya neman a mayar da shi. Saboda haka wasiƙar da ta ce abin ya fi ƙarfin mai ita, sannan ta rufe da cewa zai kawo kayan mako mai zuwa in an ƙara kashi 40 cikin 100, ta ba da shaida a kan kanta. Ta amsa cewa kayan suna samuwa, hanya a buɗe take, farashin ne kawai ba ya so. Amsar da ta dace da ita gajera ce: a rubuta masa cewa ba a amince da uzurin ba, ana jiran kaya a ranar da aka tsayar, kuma in ya ƙi, za a saya a kasuwa a biyo shi da tazarar kuɗin, kamar yadda aka biyo mai gyaɗa da fam 5,625.